An ce in ajiye kod in riƙe tim: me zan rasa, me zan samu?

"Assalamu alaikum. Ni injiniyan sofwaya ne, shekarata takwas ina rubuta kod kuma ina son aikin sosai. Yanzu ogana ya ce yana so in zama manajan tim ɗinmu, mutum bakwai za su koma ƙarƙashina. Akwai ƙarin albashi, amma ina tsoron kar hannuna ya mutu a fasaha, kuma ina tsoron in na ƙi a ce ba ni da buri. Don Allah me zan rasa, me zan samu, kuma ta yaya zan gane ko ya dace da ni?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abu na farko da zan so ka riƙe shi ne, duk da takardar za ta zo da sunan ƙarin girma, a zahiri canjin sana'a ne aka yi maka tayi. Shekaru takwas ɗin da ka yi sun sa ka ƙware a aiki ɗaya, wanda ake kiranka zuwa gare shi kuma wani aiki ne daban da za ka shiga a matsayin sabon shiga, sai dai ka shiga da sanin yaren mutanen da za ka riƙe, wannan kuwa ba ƙaramin jari ba ne. Na yi aikin injiniya na kuma riƙe tim, kuma na ɗora wasu a kan kujerar na ga yadda suka kaya, to daga nan zan yi maka magana.

Andy Grove, wanda ya shugabanci kamfanin Intel, ya bayyana abin a littafinsa na 1983 ta hanyar da har yau ban ga wadda ta fi ta ba. Ya ce abin da manaja ya samar shi ne abin da rukuninsa suka samar, haɗe da abin da rukunan da ke maƙwabtaka da shi suka samar ta dalilin tasirinsa. Ka lura babu aikin hannun manajan a cikin lissafin. Wato ranar da ka karɓa, ko da ka rubuta kod mafi kyau a kamfanin gaba ɗaya, in mutanenka bakwai suna tafiya a hankali ko suna gina abin da ba shi ake buƙata ba, to ka gaza a aikin da aka ba ka. In kuma ba ka taɓa kod ko layi ɗaya ba duk wata amma tim ya fitar da abin da ya kamata a kan lokaci kuma ba wanda ya gaji ya gudu, ka yi aikinka. Mutane da yawa suna jin wannan su gyaɗa kai, amma sai sun zauna a kujerar yake shiga jikinsu.

Inda lokacinka zai tafi

Mu yi lissafi da mako mai awa 40, da tim mai mutum bakwai irin naka. Zama ɗaya-ɗaya da kowane mutum, minti 30 a mako, awa uku da rabi ke nan, in ka haɗa da shiri kafin zaman da kuma bin abin da aka yi alkawari bayansa, ka ce awa biyar. Mitin ɗin tim na kullum da na tsara aiki da na duba abin da aka gama, kusan awa huɗu. Zama da ogan ka da sauran manajoji da masu tsara abin da za a gina, awa biyar. In ana ɗaukar ma'aikaci, karanta takardun masu nema da intabiyu da rubuta ra'ayi, awa huɗu. Amsa saƙonni da imel da warware wa wani abin da ya tsayar da shi, awa takwas ba ta yi yawa ba. Karanta tsarin aiki da duba kod ɗin wasu, awa huɗu. Ka ga mun kai 30, saura 10. Wannan misali ne kawai, wani wurin ya fi haka sauƙi wani ya fi haka tsanani, amma siffar ba ta cika canzawa ba.

To sai ka ce ai awa goma ma wani abu ne, zan ci gaba da kod a ciki. Matsalar ita ce goman nan ba a dunƙule take zuwa ba, minti 40 ne nan, awa ɗaya can, tsakanin mitin da mitin. Kai da kanka ka san cewa kafin ka ɗora tsarin wata matsala mai wuya a kanka, ka tuna wane fayil ne ke kiran wane, ka gane inda bayanan suke lalacewa, rabin awa ta wuce, kuma da an katse ka komai ya zube sai ka sake daga farko. Paul Graham, masanin kod kuma mai zuba jari a kamfanonin fasaha, ya yi rubutu a kan wannan a 2009, inda ya bambanta jadawalin mai ƙera abu, wanda yake buƙatar rabin yini a dunƙule, da jadawalin manaja da aka yanka awa-awa. Saboda haka abin da za ka fara rasawa ba ilimin ba ne, nutsuwar nan ce ta awa huɗu a jere kana kokawa da abu ɗaya har ya faɗi. In wannan nutsuwar ita ce abin da ke sa ka son tashi da safe ka tafi aiki, kar ka raina rashinta, gaskiya ne za ka yi kewarta kuma albashi ba ya maye gurbinta.

Abu na biyu da za ka rasa ya fi wannan ɓoyuwa, kuma shi ne a ganina ya fi karya sababbin manajoji. Yanzu kana sanin ko ka yi daidai cikin mintuna. Ka rubuta, ka gwada, tes ya wuce ko bai wuce ba, ka tafi gida ka san abin da ka yi yau. A aikin manaja wannan amsar tana jinkiri ƙwarai. Ka ɗauki mutum aiki yau, sai bayan wata shida ko fiye za ka san ko ka zaɓa daidai. Ka zauna da wani ka gaya masa gaskiya kan yadda yake yi wa abokan aiki magana, ba za ka ga canji gobe ba, wataƙila ma ya yi mako yana jin haushinka. Kuma mafi yawan nasararka abubuwa ne da ba su faru ba, rikicin da ka kashe tun yana ƙarami, aikin banza da ka hana a ɗora wa tim, mutumin da ya so tafiya ya fasa, waɗannan ba wanda zai gani balle ya yaba. Za ka koma gida a gajiye tiɓis ka tambayi kanka me na yi yau, ka rasa abin nunawa. Wanda bai shirya wa wannan ba sai ya ruga ya koma kod don ya ji ya yi wani abu, daga nan kuma matsala take farawa.

Yadda abin yake lalacewa, da yadda ake ganewa

Bari in ba ka labarin wata injiniya da na ɗora a kan tim kusan girman naka, ƙwararriya ce ta gaske, ita ce ta gina ɓangaren biyan kuɗi na manhajar tun farko. Lokacin da ta karɓi tim akwai aikin sake rubuta wannan ɓangaren, kuma ta ce ita za ta yi tunda ita ta fi saninsa, mako uku ya isa. Maganarta gaskiya ce in da tana nan a injiniya mai awa 30 na nutsuwa a mako. Amma yanzu goma take da su a gutsuttsure, don haka aikin awa 90 ya zama na mako tara ko fiye, ita kuwa a ranta tana lissafi da tsohon saurinta.

A mako na shida aikin bai gama ba, mutum biyu suna jiransa kafin su iya fara nasu. Abin da ya fi muni shi ne ba wanda ya iya tambayarta ina aka kwana, domin da wani ne ya makara ita ce za ta tambaya, to ita wa zai tambaya? Kod ɗin da take turawa a duba ma sai a amince da shi cikin minti biyar ba gyara ko ɗaya, ba don ya fi na da kyau ba, sai don yanzu ita ke rubuta rahoton ƙarshen shekara na masu dubawar. Don ta samu lokaci sai ta fara ɗaga zaman ɗaya-ɗaya, wannan makon a bari sai na gaba, na gaba ma a bari. A cikin wannan tsakanin wani ƙaramin injiniya ya yi kwanaki yana fama da abin da magana ta minti goma za ta warware, wani babba kuma, wanda ya daɗe yana son a ba shi aikin biyan kuɗin nan don ya girma, ya fara neman aiki a waje.

Alamomin a fili suke in ka san abin da za ka duba. Lokacin da ake tura kod ya koma ƙarfe goma sha ɗaya na dare da ranakun hutu. An ɗaga zama da mutum ɗaya sau biyu a jere. A mitin ɗin safe aikin manaja kullum "ina kai" ne, ba ya motsi a allo. Sannan mutane sun daina kawo matsala, ba don babu ba, sai don sun ga oga ba ta da lokaci. Wannan na ƙarshen shi ne mafi haɗari, domin shirun yana kama da zaman lafiya.

Gyaran da muka yi ba wani mai wuya ba ne a faɗa, amma ya yi mata ciwo. Ta zauna ta rubuta shafi biyu kan abin da ta sani game da ɓangaren, inda tarkuna suke da dalilin da ya sa aka yi wasu abubuwan yadda aka yi su, ta miƙa wa wancan babban injiniyan, suka riƙa zama tare awa ɗaya sau biyu a mako. Ya gama a mako huɗu, ya bi wata hanya da ita ba za ta bi ba, kuma ta danne zuciyarta ba ta sa ya canza ba tunda hanyar tana aiki. Daga nan muka kafa mata ƙa'ida ɗaya wadda kai ma zan ba ka ita: manaja ba ya ɗaukar aikin da wani yake jira ko wanda yake da wa'adi. Kana iya gyara ƙananan matsaloli, ka inganta kayan gwaji, ka shiga jerin masu tsaron sistem lokaci-lokaci don ka ji abin da suke ji in abu ya faɗi da dare, amma abin da in ya makara kowa ya makara, ba naka ba ne kuma.

Game da hannu ya mutu, ga abin da na gani. Abin da ke fara dushewa shi ne saurin yatsu da sanin sababbin kayan aiki, shekara ɗaya zuwa biyu za ka ji ka yi nauyi, ka ga yara suna amfani da abin da sunansa kawai ka sani. Amma hukuncin fasaha, wato ka kalli tsari ka ce wannan zai karye in masu amfani suka ninka goma, ko ka ji ƙiyasin kwana biyu ka san ƙarya ce, wannan yana daɗewa, wani lokacin ma yana ƙaruwa tunda yanzu kana ganin tsare-tsare da yawa maimakon naka kaɗai. Saurin yana dawowa cikin 'yan watanni in ka koma da wuri. In ka kai shekara biyar zuwa sama ba ka taɓa komai ba, komawar tana yiwuwa amma da wahala, musamman a intabiyun da ake sa mutum ya rubuta kod a gaban mutane.

Akwai kuma abota. Waɗannan bakwai ɗin jiya abokan hirarka ne, kuna ƙorafin shugabanni tare. Gobe za ka san albashin kowannensu, za ka san wanda ake shirin sallama tun kafin shi ya sani kuma ba ka da ikon faɗa, kuma wata rana za a ce ka isar da hukuncin da kai kanka ka yi jayayya da shi a ɗakin mitin aka fi ƙarfinka. Ba za su ƙi ka ba, amma hirar za ta canza in ka shigo. Kuma duba da kyau ko a cikinsu akwai wanda shi ma ya sa rai da kujerar, in akwai, da shi za ka fara zama tun makon farko ku yi magana a fili.

Abin da za ka samu

Ba zan ɓoye maka ba, ni ina son aikin nan, kuma ga dalili. A matsayin injiniya akwai matsalolin da kake gani kullum amma ba ka da hannun gyara su: ana ɗora wa tim ayyuka biyar a lokaci ɗaya, ana yanka wa'adi ba tare da an tambayi masu yin aikin ba, ana ta ɗage gyaran tsohon kod har ya zama kowane ƙaramin canji yana cin mako. Waɗannan ba a gyara su da kod, a ɗakin da ake raba mutane da kuɗi da lokaci ake gyara su, kuma manaja yana cikin ɗakin. Ranar da ka iya zama da ogan ka ka nuna masa da hujja cewa in aka rage ayyukan zuwa biyu za a gama su da wuri fiye da yadda za a gama biyar ɗin, ya yarda, ka canza rayuwar mutum bakwai a zama ɗaya. Google ma a 2002 sun gwada cire manajojin injiniyoyi gaba ɗaya, 'yan watanni kawai abin ya yi suka dawo da su, domin tambayoyi da rigingimu da batun wa zai yi me ba su ɓace ba, sai dai suka taru a kan mutane ƙalilan.

Sai kuma ganin mutum ya girma a hannunka. Wanda ya zo yana tsoron buɗe baki a mitin, bayan shekara biyu shi ke jagorantar tsara babban aiki, kuma ka san ayyukan da ka zaɓa masa ɗaya bayan ɗaya da gangan, kowanne ya ɗan fi ƙarfinsa kaɗan. Wannan daɗin yana zuwa a hankali amma yana zama a rai. Kuma ko da ka koma kod daga baya, za ka koma ka san dalilin da ya sa ake yanke hukuncin da da kake gani kamar wauta, ka iya rubuta shawara yadda masu riƙe da kuɗin kamfani za su fahimta. Charity Majors, wata injiniya da ita ma ta riƙe tim, ta yi rubutu a 2017 tana ba da hujjar cewa mutum ya riƙa kai-komo tsakanin aikin injiniya da na manaja, kowanne yana ƙarfafa ɗayan, kuma abin da na gani ya yi daidai da haka.

Maganar albashi, ka bincika kafin ka ɗauka cewa nan ce kaɗai hanyar sama. Kamfanonin fasaha da yawa suna da tsani biyu, na manajoji da na injiniyoyi, inda bayan babban injiniya akwai matakin da ake kira sitaf ko firinsifal, kuma albashinsu yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da na manaja. Tambayar da za ka yi ita ce, akwai mutum nawa a zahiri da suke kan waɗannan matakan a wurinku? In a takarda kawai tsanin yake ba kowa a kai, ka san amsar. Kuma ka sani ko wancan tsanin ma ba ya raba ka da mutane, sitaf injiniya yana shan mitin da rubutu da lallashi, bambancin shi ne ba ya riƙe albashi da sallamar kowa.

Ta yaya za ka gane

Kar ka ɗauki ƙwarewarka a kod a matsayin hujja. Akwai binciken da Benson da Li da Shue suka wallafa a 2019 kan ma'aikatan tallace-tallace a kamfanonin Amurka, suka ga cewa waɗanda suka fi iya sayarwa su aka fi yi wa ƙarin girma, amma ba su ne suke zama manajoji mafi kyau ba, waɗanda suka saba aiki tare da wasu sun fi yin abin kirki a kujerar. Tallace-tallace ba injiniyanci ba ne, amma darasin yana da kusanci. Don haka ka duba makonnin da suka wuce. Lokacin da wani ya katse ka da tambaya, ka ji an sace maka lokaci ne ko ka ji daɗin ganin ya gane? Lokacin da abokin aiki ya yi ta kawo aiki mara kyau, ka gaya masa ido da ido ne, ko ka gyara a ɓoye da dare don gudun magana? Wannan ta biyun ka tsaya a kanta sosai, domin gyara a ɓoye kirki ne a wurin injiniya, amma a wurin manaja cutar da mutum ne, tunda zai kai ƙarshen shekara ya ji an ce bai yi ƙoƙari ba alhali ba wanda ya taɓa gaya masa. In tunanin zama da wani ka ce masa aikinka bai kai ba, ga misali uku, ga abin da nake so in gani nan da wata ɗaya, yana sa cikinka ya ɗuri ruwa, ba laifi, kowa haka yake ji. Abin dubawa shi ne ko za ka yi duk da hakan.

Ban san ogan ka ba kuma ban san kamfaninku ba, kuma rabin nasarar sabon manaja a hannun wanda ke samansa take, don haka shawarata ita ce ka nemi riƙon ƙwarya na wata shida, da sharuɗɗa a rubuce ko da a imel ne. Wata uku ya yi kaɗan, ba za ka ga zagayen duba aikin ma'aikata ko ɗaukar sabon mutum ba, nan ne kuwa ainihin aikin yake. A rubuta wa zai karɓi ayyukan fasahar da ke hannunka yanzu, da sunansa, domin in ba a rubuta ba za ka tashi da aiki biyu. A rubuta mene ne ikonka, kai ke yanke wanda za a ɗauka ko shawara kawai kake bayarwa, kana da ta cewa a ƙarin albashi da wa'adin ayyuka ko babu, saboda a ɗora maka alhakin sakamako ba tare da iko a kan waɗannan ba shi ne mafi munin matsayi. Ogan ya yarda zai zauna da kai kowane mako. Sannan a rubuta cewa in bai yi ba za ka koma matakinka na da ba tare da an ɗauke shi a matsayin gazawa ba. Ka kuma tambaye shi me ya sa kujerar ta zama babu kowa, in wani ne ya bar ta, ka nemi ka ji daga bakinsa.

A cikin wata shidan, duk ranar Juma'a ka rubuta layi biyu, abin da ya ba ka ƙarfi a makon da abin da ya tsotse ka. Gajiya a watanni biyun farko ba ta nuna komai, sabon aiki ne. Amma in ka kai wata na biyar ka ga kullum abin da ke ba ka ƙarfi shi ne awa ɗayan da ka saci jiki ka rubuta kod, mutane kuma kullum suna ɓangaren gajiya, to ka samu amsarka kuma amsa ce mai kyau.

In kuma tun yanzu ka san ba ka so, kar ka ce a'a kawai ka yi shiru, a nan ne ake fassara shi da rashin buri. Ka ce masa kana son girma ta ɓangaren fasaha, ka ambaci babban aiki ɗaya da kake so ka jagoranci tsarinsa a shekara mai zuwa, ka ce za ka horar da ƙananan injiniyoyi biyu kuma za ka taimaka a intabiyun neman manajan da zai zo, sannan ka roƙi ku sake duba maganar bayan shekara ɗaya.